Yadda Ake Tsara Jadawalin Aikin Gida Na Karɓa-Karɓa Wanda Yara Za Su Iya Bi

Iyaye da dama sun sha tambayata yadda za su raba wa yara aikin gida ba tare da an wayi gari kullum da "ai jiya ni na yi" da "Umma, yau ba ni ba ce" ba. Yawancinsu sun taɓa gwadawa. An rubuta sunaye a takarda, an manna a ƙofar kicin, an yi sati biyu ana bi, daga nan takardar ta koma abin share hannu. Abin da ke kashe irin wannan jadawali kusan guda ne a kowane gida: uwa ce kaɗai ta san abin da yake nufi, don haka kullum sai ta tuna wa kowa, kuma ita ce alƙalin kowace gardama. Jadawalin da ke ɗorewa shi ne wanda ɗan shekara 6 zai ɗaga kai ya kalla, ya gane aikinsa na wannan satin ko bai iya karatu ba, ya kuma san lokacin da za a ce ya gama.

Zan bi matakan da misalin gida guda a cikin Kano: uba da uwa da yara 5. Mu kira su Hafsatu mai shekara 14, Umaru 12, Maryam 10, Sadiƙu 7, sai Auta mai shekara 5. Suna zuwa boko da safe, Islamiyya bayan la'asar. Akwai rijiya a tsakar gida, famfo kuma sai ya ga dama yake kawo ruwa.

Kayan da za ku tanada

Kwalin taliya ko na sabulu guda ɗaya mai kauri, wanda mai shagon unguwa zai ba ku kyauta ko da ɗan canji. Almakashi, ƙusa 2, murfin kwalbar lemo 2, salatif, da biro mai kaurin baki kala 3. Sai murfin tukunya babba da murfin kwano ƙarami, don zana da'ira. Duk kuɗin wannan bai kai na kwanon shinkafa ba.

Inda kuɗi ke shiga shi ne kayan aikin da suka dace da hannun yara: tsintsiya ta biyu don kada a tsaya jiran juna, ƙaramin bokiti, abin kwashe shara, da soso na banɗaki daban da na kwanuka. Ku sa a ranku kuma cewa omo da sabulu za su fi saurin ƙarewa a watan farko, yara ba su san gwargwado ba tukuna.

Mataki na 1: Ku rubuta aikin da ake yi, ku auna shi da agogo

Kafin a kira kowa, ku ɗauki kwana 3 kuna rubuta duk aikin da aka yi a gidan, tun daga cika butoci da asuba har rufe kaji da magariba. Kada ku rubuta daga ka. Idan aka rubuta daga ka, shara da wanke-wanke kaɗai ake tunawa, a manta da kai markaɗe, zubar da shara a bola, tsintar shinkafa, kwashe shanya, da aiken "je ka sayo magi" da ke cin lokacin yaro fiye da yadda ake zato.

Gaban kowane aiki ku sa mintin da yake ci a hannun yaro, ba a hannunku ba. Kwanukan da uwa za ta wanke a minti 10, 'yar shekara 10 sai ta yi minti 25 a kansu. A gidan misalinmu, wanke-wanken safe ya ci minti 15, na rana 15, na dare 25 saboda tukwane. Sharar tsakar gida da zaure da safe minti 20, ta yamma 15, kaɗe kujeru da goge falo 10. Cika randa da butoci 15, wanke banɗaki 10, zubar da shara 10, kai markaɗe ko niƙa 15.

Mataki na 2: Ku fitar da aikin da ba na yara ba

Daga jerin nan ku ja layi a kan duk abin da ya shafi wuta, gas, wuƙa mai kaifi, janareta, guga da dutsen wuta ko na gawayi, da jan ruwa a rijiya. Waɗannan ba sa shiga karɓa-karɓa. Na manya ne, ko na babban yaro a gaban idon babba. Hafsatu za ta iya koyon girki kusa da Umma, amma wannan koyo ne, ba juyi ba ne da zai zagayo kan Maryam wani satin.

A nan ne sunan Abba zai shiga takarda, kuma ina ganin ya kamata ya shiga a rubuce, kowa ya gani. Cefane, sayen gas, jan ruwan rijiya zuwa babban duro kafin ya fita, duba kwata ranar Asabar. Umaru ba zai yarda wanke-wanke aikinsa ba ne matuƙar bai taɓa ganin namiji babba ya taɓa aikin gida ba. Idan wani ya ce ba girman maigida ba ne, hadisin Nana A'isha a Bukhari ya isa amsa: da aka tambaye ta abin da Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi ya fita.

Gargaɗi: jarkar 'yan garuwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne idan ta cika, kusan nauyin jikin ɗan shekara 8. Kada a sa yaro kinkimarta. Babba ya juye a duro, yaro ya riƙa ɗiba da ƙaramin bokiti. Raino ma kada ya zama juyi: ɗan shekara 7 zai iya yi wa jariri wasa, amma ba a bar masa amanarsa a fita unguwa.

Mataki na 3: Ku ɗaure ayyukan rukuni-rukuni, nauyinsu ya zo kusa

Wannan shi ne matakin da ya fi cin tunani, kuma idan ya karkace komai ya karkace. Ƙa'idar ita ce yawan rukuni ya yi daidai da yawan yaran da za su yi juyi. Yara 3, rukuni 3. Kuma yaran da ke juyi tare su zama waɗanda kowannensu zai iya kowane aiki a ciki. Shi ya sa a gidan misalinmu juyi biyu za a yi: na manya, wato Hafsatu da Umaru da Maryam, da na ƙanana, Sadiƙu da Auta.

Na manya ga yadda ya kasu. Rukunin Kwano ya ƙunshi wanke-wanke sau 3, minti 55 ke nan a rana. Rukunin Tsintsiya ya ƙunshi shara sau 2 da goge falo, minti 45. Rukunin Bokiti da farko cika randa ne da wanke banɗaki da zubar da shara, minti 35 kacal. Da an bar shi haka, kowa zai riƙa ɗokin satin Bokiti yana tsoron satin Kwano. Sai aka ƙara masa kai markaɗe, ya koma minti 50. Yanzu 55 da 45 da 50 ne, tazarar ba ta wuce minti 10 ba, wannan kuwa yara za su haƙura da ita tunda kowa zai ɗanɗana.

Minti ba shi ne kaɗai ma'auni ba. Akwai aikin da ake ƙyama ko da gajere ne. Wanke banɗaki minti 10 ne, amma a wurin yaro ya fi shara ta rabin awa ɗaci. Kankare ƙanzon tukunyar tuwo ma haka. Kada ku tara abin ƙyama biyu a rukuni ɗaya. Idan kuma za ku iya, ku haɗa aikin ƙyama da wanda ake so: mai wanke banɗaki shi ne mai fita kai markaɗe, yara kuwa suna son duk aikin da zai kai su bakin titi.

Na ƙanana rukuni 2 ne masu sauƙi, kada su wuce minti 15 a rana gaba ɗaya. Ɗaya ya tattara kwanuka bayan an ci abinci ya kai wurin wanke-wanke, ya jera takalma a ƙofar ɗaki. Ɗayan ya watsa wa kaji tsaba, ya naɗe tabarma da dardumar salla. Aikin Auta ba zai rage wa kowa wahala ba, gaskiya sai an sake naɗe tabarmar a bayansa. Amfaninsa shi ne ranar da ya kai shekara 9 ba za a fara lallashinsa daga farko ba.

Abin da kowa zai yi wa kansa, kamar gyara shimfiɗa, wanke safa da yunifom ga wanda ya kai, da haɗa jakar makaranta, ba ya shiga juyi. Ku faɗi wannan tun farko, in ba haka ba Umaru zai bar yunifom ɗinsa ga "mai Bokiti".

Gargaɗi: kada a raba rukuni da na maza da na mata. Idan aka ce kwano na Hafsatu da Maryam ne, Umaru na aike kawai, to babu karɓa-karɓa, an dai rubuta tsohon tsari a kwali. Idan unguwarku ba ta da natsuwar da za a aiki yarinya wurin injin niƙa ita kaɗai, a satinta ta tafi da Sadiƙu, ko a mayar da aiken da rana tsaka. Haka ɗan riƙo ko agola: sunansa ya shiga faifai ɗaya da 'ya'yan gida, wato faifan juyi na kwali da za a haɗa a Mataki na 6, rukuninsa daidai da nasu. Yara suna lura da wannan fiye da manya.

Mataki na 4: Ku zaɓi tsawon juyi, sati ya fi

Mutane da yawa suna fara da rabon kwanaki: Litinin wance, Talata wane. Matsalarsa biyu ce. Ta farko, kwanaki ba nauyinsu ɗaya ba. Mai Juma'a kullum shi ke wanke kwanukan baƙin da suka biyo bayan masallaci, mai Talata kuwa yana hutawa. Ta biyu, juyin kullum yana koya wa yaro turawa gaba. Mai wanke-wanken yau zai zuba wa tukunyar da ta kama ruwa ya ce "na jiƙa ta", ya san gobe ta wani ce. Idan sati guda ne a hannunsa, tukunyar da ya jiƙa yau shi za ta jira gobe.

Wata guda kuma ya yi tsawo. Ɗan shekara 10 ba ya hango ƙarshen kwana 30 na wanke banɗaki. Da sati, yara 3 za su zagaye rukunan duka cikin sati 3, kamar ɗaukar adashi, kowa ya san wanda yake bi.

A gidan da mata 2 ke karɓar girki kwana bibbiyu, juyin sati yana da wani amfani: kowane yaro zai yi aikinsa a girkin mahaifiyarsa da na abokiyar zamanta duka. Amma sai matan biyu sun zauna da maigida sun amince tun kafin yara su ji labari. Abin da ke cikin faifai aikin tsakar gida ne da kowa ke amfana da shi. Cikin ɗakin kowace mace, ita da 'ya'yanta. Idan ba a yi wannan zama ba, ranar farko da aka ce wa yaro "kwanon nan bai fita ba" za a ji amsa daga ɗaya ɗakin.

Mataki na 5: Ku ɗaura kowane aiki a jikin salla, ba a jikin agogo ba

"Ƙarfe 6:30" ba ya nufin komai ga yaron da ba ya ɗaure da agogo, amma ya san an idar da asuba, ya san an kira la'asar. Don haka ku ce: shara da cika butoci bayan asuba kafin wanka. Wanke-wanken rana da kai markaɗe bayan an dawo boko an ci abinci, a gama kafin kiran la'asar saboda Islamiyya. Sharar yamma da zubar da shara da an dawo Islamiyya kafin magariba, tunda gidaje da yawa ba sa shara da dare, kuma bola ba wurin zuwan yaro ba ne cikin duhu.

Wanke-wanken dare shi ne abin yanke shawara. A gidaje da yawa ana barinsa ya kwana. Idan kuka bar shi, mai Kwano zai tashi da aikin minti 40 kafin makaranta, zai makara, ko ya bar wa Umma. Ni na fi son a ci abinci da wuri a wanke kafin isha, ko da fitilar caji ce. Banda lokaci, kwanon da ya kwana da miya shi ke kiran kyankyasai da ɓeraye. Aikin safe na kowane yaro kada ya wuce minti 20 a ranar makaranta.

Mataki na 6: Ku haɗa faifan

Ku kifa babban murfin tukunya a kan kwali ku zana da'ira ku yanke, sannan ƙaramin murfi ku yanke ta biyu. Kowace da'ira ku raba ta gida 3 daidai. A bakin babbar, a kowane gida, ku zana hoton rukunin: kwano, tsintsiya, bokiti. Ba sai ya yi kyau ba, ku ma bar yaran su zana. A kan ƙaramar ku rubuta sunaye 3, kowane suna da kalarsa. Ku ɗora ƙarama a kan babba, ku huda murfin lemo, ku zura ƙusa ta cikinsa ta ratsa tsakiyar kwalayen biyu, ku kafa a bango. Murfin lemon shi ke hana kwalin yagewa a kan ƙusa. Babbar da'irar ku manne ta da salatif kada ta motsa, ƙaramar ce kawai ke juyawa. Ku zana kibiya a gefe mai nuna inda ake juyawa, kullum ɓangare guda. Na ƙanana ma haka, sai dai gida 2 ne, kuma a maimakon suna a sa kala ko ɗan hoton fasfo.

Ku kafa shi inda kowa ke wucewa, rumfa ko ƙofar kicin, nesa da tururi da feshin ruwan sama.

Gargaɗi: ku kafa shi sama da inda hannun yara ke kaiwa, kuma duk ranar juyi ku rubuta a kalanda wanda ke kan Kwano. Za a samu wanda zai juya faifan a ɓoye, wannan babu makawa, kalandar ce za ta raba gardama.

Mataki na 7: Ku koyar da kowane aiki, ku faɗi mene ne "an gama"

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku fara a hutun makaranta ko a ƙarshen mako, ku yi sati guda na koyo. Ranar farko ku yi yaro yana kallo, ta biyu ku yi tare, ta uku ya yi kuna kallo. Sannan kowane aiki ku ba shi alamu 3 na gamawa, waɗanda ido ke gani. Wanke-wanke ya gamu idan babu maiƙo a bayan kwano, an kife su a kwando, an zubar da ruwan dauɗa an ɗauraye wurin. Shara ta gamu idan an shiga ƙarƙashin kujera da bayan randa, an kwashe tarin, an jingine tsintsiya a wurinta. Kwashe tarin nan shi ne abin da aka fi bari, a tara a lungu kaji su baza. Ku koya musu jerin wanke-wanke ma: kofuna da cokula da farko, sai faranti, tukwane a ƙarshe, don ruwan kumfa ɗaya ya kai.

Gargaɗi: a banɗaki, yaro ya yi aiki da omo da burushi kawai, da silifas a ƙafarsa, ya wanke hannu da sabulu bayan ya gama. Ruwan bilic da ruwan wanke masai na kwalba a hannun babba suke, kuma ko babba kada ya haɗa su wuri ɗaya, haɗin yana tayar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi. Mai Bokiti kuma ya rufe duro da randa duk lokacin da ya ɗiba, ya kife baho. Yaro mai rarrafe yana iya faɗawa ta ka cikin bokitin da ruwansa bai kai rabi ba ya kasa fitowa.

Mataki na 8: Ranar miƙa aiki

Ku tsayar da lokaci guda a sati, misali Juma'a bayan la'asar, tunda yawancin Islamiyyu ba sa karatu Alhamis da Juma'a. Kowa ya miƙa rukuninsa a tsaftace ga mai karɓa, kuma mai karɓa shi ne mai dubawa, ba Umma ba. Maryam ta duba tukwanen da Umaru zai bar mata. Idan ta ga ƙanzo, ta ce, "Yaya Umaru, wannan ba ta fita ba," ya kankare kafin faifai ya juya. Wanda zai gaji aikin ba ya rufa wa kowa asiri, kuma uwa ta huta da zama 'yar sanda. Idan an gama duba duka, Auta ya hau kujera a gaban kowa ya juya faifan.

A lokacin ne kuma za a ji koke. Idan yara 2 daban-daban sun yi kuka da rukuni guda a satinsu, rukunin ne ya yi nauyi, a cire masa wani abu. Idan yaro guda ne ke kuka da kowane rukuni, matsalar ba ta faifai ba ce.

Mataki na 9: Idan an ƙi yi, ko an samu uzuri

Babban kuskure shi ne uwa ta ga kwanuka a zube ta ce "bari kawai na yi, ya fi mini sauri". Sau 2 ya isa yaro ya gane cewa idan ya yi jinkiri aikin zai yi kansa. Ku tuna masa sau ɗaya, da nuna faifai kawai. Idan bai yi ba, aikin yana nan yana jiransa, kuma ba ƙwallo, ba kallo, ba waya har sai ya gama. Kada a hana shi abinci, kada a hana shi makaranta. Kada kuma a mayar da aiki horo, irin "tunda ka yi rashin kunya kai za ka wanke banɗaki sati 2". Yin haka yana rushe juyin, ya kuma sa wanda banɗakin ya faɗo wa bisa ƙa'ida ya ji kamar laifi ya yi.

Ba na goyon bayan biyan kuɗi a kan aikin faifai, domin ranar da babu canji babu shara. Idan ana son ba da lada, a ware shi ga aikin da ba ya cikin juyi, kamar wanke babur ɗin Abba.

Musanya tsakanin yara halal ce, da sharaɗin a faɗa a gaban babba kuma a biya cikin satin. Ku sa ido a nan, manya suna yi wa ƙanana wayo da alawa. Mara lafiya ba ya biyan bashi, sauran su raba aikinsa ko iyaye su ɗauka. Mai rubuta jarabawar fita ta WAEC ko NECO a cire sunansa na waɗannan makonni, a faɗi ranar da zai dawo. Idan an cire mutum ɗaya daga cikin 3, kada a jibga wa biyun rukuni 3, babba ya riƙe gurbin.

Mataki na 10: Ku sake dubawa idan lokaci ya sauya

Da hunturu a ɗumama wa mai wanke-wanken safe ruwa, a shafa masa basilin a hannu, a yayyafa ruwa a ƙasa kafin shara saboda ƙura. Yaron da ke da asma a musanya masa shara da wani aiki har iskar ta wuce. Da azumi faifan yau da kullum ba ya aiki, domin kwanuka sun koma bayan buɗa-baki da sahur, ga markaɗen ƙosai da rabon abinci ga maƙwabta. Ku yi na azumi daban, a mayar da aiki mai nauyi safiya kafin rana ta yi zafi, wanke-wanken buɗa-baki kuma mutum 2 su yi shi tare. Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli a Kano, tunda ba fita da safe, ita ce ranar aikin taron dangi: yanar gizo-gizo, kwata, wanke duro, kowa da kowa har Abba, ba ruwan faifai.

Farkon kowane zangon karatu ku sake auna mintoci. Idan Sadiƙu ya kai shekara 9, kuma ya nuna zai iya wanke-wanke har tukwane, ku yanka sabon faifai mai gida 4, ku ciro kai markaɗe daga Bokiti da wanke-wanken rana daga Kwano da goge falo daga Tsintsiya, su zama rukuninsa na huɗu.